Idan Yatsu Suka Ƙulla Zumuncin Dole: Yadda Ake Raba Mutum da Sufagulu

Sufagulu yana da wani hali da duk mai gyare-gyare a gida ya sani. Silifas ɗin da aka saye shi dominsa zai iya yi masa gardama, amma yatsan mai gyaran ba ya gardama ko kaɗan, ɗigo ɗaya ya isa. Dalili kuwa shi ne, wannan gam ɗin ba iska ce ke busar da shi ba, danshi ne ke daskarar da shi. Fatar ɗan Adam kuma ba ta rabuwa da ɗan gumi, ga ta da 'yan layuka da ramuka inda gam zai shiga ya kafa sansani. Tun 1958 da aka fara sayar da shi a Amurka yake wannan aiki, bai kuma taɓa tambayar ko yatsan na malami ne ko na ɗalibi ba.

To, mu ɗauka maigida ne, ranar Asabar, hannun kofin shayin uwargida ya ɓalle, ya ce a kawo ya gwada basirarsa. Ya huda bakin gam ɗin da allura, ya matsa, bai fito ba. Ya ƙara matsawa da ƙarfi, sai ya fito gaba ɗaya. Yanzu babban yatsa da manuni sun zama abu guda kamar mai shirin ɗibar gishiri, ɗigo biyu sun sauka a kan gilashin teburin falo, wani kuma ya tsiyaya a kantar kicin lokacin da ya ruga neman ruwa. Kofin yana nan yadda yake, ba hannu.

Shawara ta farko, maigida, kada ka ja. Na san zuciya tana cewa namiji ne kai, ka fizge kawai a wuce wurin. Amma gam ɗin ya fi fatarka ta sama ƙarfi, idan aka yi ja-in-ja ita ce za ta yage. Ƙarfinsa duka yana wajen ja kai-tsaye, rauninsa kuma yana wajen murzawa da ɓarewa daga gefe. Wannan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya.

Shawara ta biyu ta fi ta farko gaggawa: kada ka goge ɗanyen gam da auduga, ko bakin riga, ko hular da ke kanka. Idan sufagulu mai yawa ya haɗu da auduga ko ulu, yana daskarewa nan take ya fitar da zafi, zafin da zai iya ƙona fata har ta tashi. Wanda ya zuba wa wandonsa na yadin auduga, ya ɗaga yadin daga jikinsa maza ya kwarara ruwan sanyi. Idan kuma yadin ya riga ya manne da fata, a jiƙa shi, kada a fizge.

Kafin ka gama wannan tunani, majalisar masu ba da shawara ta cika tsakar gida. Goggo za ta ce kalanzir, maƙwabci zai leƙo ta katanga ya ce fetur, ƙaramin yaro kuma ya riga ya sheƙa ɗauko reza yana murna. Ka gode wa kowa, ka ce a ɗora maka ruwa. Kalanzir da fetur ba sa narkar da wannan gam yadda ake zato, sai dai su bar ka da wari da kaushin fata da haɗarin gobara. Reza kuwa tana da aiki a wannan labari, amma ba a jikin mutum ba.

A zuba ruwan ɗumi a kwano, wanda hannu zai jure, a kaɗa sabulu ko garin wanki har ya yi kumfa. Ka tsoma hannun minti goma zuwa sha biyar. A cikin ruwan ka riƙa murza yatsun a hankali, ɗaya gaba ɗaya baya, yadda ake murza carbi. Za ka ji gefen ya fara saki. Nan sai ka sa bayan cokali ko jikin fensir a tsakani kana mirginawa, kana ƙara buɗe hanya kaɗan-kaɗan. In ruwan ya huce a ƙara mai ɗumi. Idan sun rabu, abin da ya rage wani farin ɓawo ne mai kaushi. Shafa masa man gyaɗa, ko man kaɗanya, ko basilin, ka yi ta murzawa, zai riƙa tashi daga baki-baki. Mai hanzarin ganin ruwan alwala ya taɓa fatarsa yana iya haɗawa da dutsen goge kaushi, amma da tausayi, a kan gam ɗin kawai. Ɗan abin da ya ƙi fita ma ba mazauni ba ne, cikin 'yan kwanaki fata za ta zubar da shi da kanta.

Idan ruwa da mai sun gaza, sai a je ɗakin uwargida da sallama da ladabi, a roƙi ruwan goge fentin farce. Abin da ake nema a cikinsa shi ne asiton, shi ne ke narkar da sufagulu da gaske. A duba jikin kwalbar, domin akwai irin da aka yi ba tare da asiton ba, wannan kuwa sai ka wuni kana shafawa gam yana kallonka. Tunda gam ya riga ya bushe, yanzu auduga ba ta da laifi. A ɗiga mata kaɗan, a dafa a bakin inda ya manne na minti ɗaya ko biyu, a murza, a sake. Da an gama a wanke da sabulu a shafa mai, saboda asiton yana kwashe maiƙon fata ya bar ta fari fat. Ba a sa shi a kan yanka ko ƙuna ko fatar da ta riga ta yage.

A nan raha za ta ɗan dakata. Akwai masu buɗe murfin gam da haƙori, akwai kuma waɗanda suka ɗauki 'yar robar gam cikin duhu suna zaton maganin ciwon ido ne, domin wasu robobin sun yi kama ƙwarai. Asiton ba ya kusantar ido, ba ya kusantar baki ko cikin hanci. Idan leɓe ne ya manne, a yi ta jiƙa shi da ruwan ɗumi daga waje, yawu yana aiki daga ciki, a riƙa motsa leɓen gefe da gefe har ya saki. Idan ido ne, a wanke da ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi, a rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, a nufi asibiti. Kada kowa ya ce zai buɗe fatar idon da ƙarfi, ko da shi ne babba a gidan. Yawanci idon yana buɗewa cikin 'yan kwanaki, amma busasshen gam na iya karce ƙwayar idon, don haka likita ne zai duba. Yaro ƙarami kuma, ko ina gam ya kama shi a fuska, asibiti ya fi.

Yatsu sun sami 'yanci, saura teburin falo, kuma wannan ne mafi sauƙi, domin gilashi na gaske ba ya tsoron asiton. Bar ɗigon ya bushe tukuna, in ka goge shi ɗanye ka mai da ɗigo ya zama taswira. Ɗora audugar da aka jiƙa da asiton a kai, ka kifa ƙaramin kofin gilashi don kada asiton ya gudu cikin iska, ka ba shi kamar minti biyar. Yanzu a kira yaron nan mai reza, a karɓa daga hannunsa. Sabuwa ake so, marar tsatsa. A jiƙa wurin da ruwan sabulu, a kwantar da rezar sosai kusan ta kwanta a kan gilashin, a tura gaba a hankali ta ƙarƙashin ɗigon. Zai tashi kamar ɓawo. In ka ji ƙarar karce, ka tsaya, domin ko dai ka miƙar da rezar da yawa ko bakinta ya lalace.

Sai dai ba duk abin da ido ke ratsawa ba ne gilashi. Yawancin tabarau na yanzu roba ne mai shafe-shafe a sama, asiton zai mai da su hazo har abada, garin neman gira a rasa ido. Haka fuskar talabijin, da murfin fitilar mota, da baƙar ledar da ake manna wa tagar mota. Waɗannan ruwan sabulu mai ɗumi da haƙuri ne nasu, tabarau kuma a kai wa masu sana'arsa.

Kantar kicin ita ce ke bukatar tambaya kafin a taɓa: da me aka yi ta? In tayil ne mai sheƙi, a bi shi yadda aka bi gilashi. In dutsen giranit ne ko mabul, dutsen kansa yana jure asiton, amma yana iya cinye man kariyar da aka shafa a sama, wurin ya dusashe, saboda haka kaɗan ake sawa, a kan ɗigon kawai, a goge da ruwa nan da nan. Mabul kuma a nisanta shi da lemon tsami da ruwan kal, tsami yana cin sa ya bar tabo wanda ba ya wankuwa. In fomaika ce, a ajiye reza, a kankare da tsohon katin roba, kuma kada asiton ya gangara bakin haɗi inda zai sassauta gam ɗin da ke riƙe da ita. In katako ne mai banish ko fenti, asiton zai tafi da gam ya haɗa da banish ɗin. Nan mai ake shafawa a jira, a ɓare da farce ko kati. Ko wace iri ce, a fara gwada ɗigo ɗaya a lungun da ba a gani, a jira minti ɗaya a goge. In wurin ya yi laushi, ko ya dusashe, ko launi ya biyo audugar, to an sami amsa.

Tunda a kicin muke, ga abin da ya fi komai muhimmanci. Asiton yana tafasa a digiri 56 kacal, ke nan a zafin watan Afrilu da an buɗe kwalba ya fara tashi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin saman kanta da ƙasa ba a ganinsa, har ya iske wuta. A kashe gas da risho, a fitar da kaskon turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, mai shan sigari ya je ƙofar gida. A buɗe taga da ƙofa, wanda ya ji kansa na juyawa ya fita ya sha iska. Kada a zuba asiton a kofin roba na shan ruwa, wasu robobin narkewa suke yi, kuma kada a kuskura a haɗa shi da ruwan bilicin na wanki, haɗin yana haifar da guba. Audugar da aka yi aiki da ita a shanya ta a waje ta bushe kafin ta shiga kwandon shara, kwalbar kuma a rufe ta tam a mayar inda hannun yara ba ya kaiwa.

Kofin uwargida fa? A wanke ɓangarorin su bushe, a shimfiɗa leda a kan tebur, a sa ɗigo ɗaya tak a gefe guda, a haɗa a riƙe kamar rabin minti, yatsu nesa da bakin haɗin. Daga yau kuma ya koma wurin ajiye cokula, domin ruwan zafi da yawan wanki suna raunana sufagulu, hannun zai iya sake ɓallewa da tafasasshen shayi a ciki.