Yadda za ka bi sawun zagayen `for` ba tare da ka tayar wa malaminka hawan jini ba

Makon jiya na zauna duba takardun ɗalibaina na ajin koyon Python, kuma har yau kaina bai daina sarawa ba. Tambaya ɗaya ce tal: ga layi shida, me kwamfuta za ta buga?

```python
lambobi = [3, 8, 5, 12, 7, 6]
jimla = 0
for n in lambobi:
    if n % 2 == 0:
        jimla += n
print(jimla)
```

Na ga 41, na ga 15, na ga 6 rututu, wani bawan Allah kuma ya rubuta "ya danganta". Duk wanda ya taɓa koyar da wannan abu ya san irin zafin da nake ji, don haka ba zan tsaya bayanin yadda ake kunna kwamfuta ba. Ga shawarwarina.

Na ɗaya, rufe kwamfutar. Ɗauki biro da takarda, ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ka samu gida uku: na `n`, na amsar `n % 2`, da na `jimla`. Kafin ka shiga zagayen, rubuta 0 a gidan `jimla`, domin layi na biyu ya riga ya wuce.

Na biyu, ka tafi da lamba ɗaya ɗaya, ko da idonka ya hango amsar. A zagayen farko `n` ta ɗauki 3. Alamar `%` tana ba ka saura ne bayan rabawa, to 3 a raba da 2 saura 1. Shin 1 daidai take da 0? A'a. Layin da ke ƙarƙashin `if` ba zai yi aiki ba, sai ka sake rubuta 0 a gidan `jimla`. Ka rubuta ɗin, kada ka bar gurbin fayau wai ai ba abin da ya canza. Zagaye na biyu, `n` ta zama 8, saura 0, sharaɗi ya cika, `jimla` ta tashi daga 0 zuwa 8. Na uku 5 ce, saura 1, `jimla` tana nan 8. Na huɗu 12, saura 0, a haɗa 8 da 12 a samu 20. Sai 7, a wuce ta, 20 na nan daram. Ta ƙarshe 6, ta shiga, 26. Jerin ya ƙare, zagaye ya tsaya, sai yanzu `print` ya samu damar magana, sau ɗaya kacal, ya ce 26. In ka karanta gidan `jimla` daga sama zuwa ƙasa, ban da sifilin da ka rubuta kafin zagayen, za ka ga 0, 8, 8, 20, 20, 26. Riƙe wannan jeri da kyau, za mu nemi shi.

Na uku, ka karanta abin da aka rubuta, ka daina karanta abin da ranka ke so. A nan ne nake son mu ɗan daɗe, don abin ya ishe ni. Ɗalibi zai kalli shirin, ya ga kalmar `jimla`, ya ce ai tarawa ake yi, ya tara komai ya kawo mini 41, kamar layin `if` ado aka sa shi. Wani ya ji ana maganar biyu-biyu sai ya fara tsallake, ya ɗauki ta farko, ta uku, ta biyar, ya haɗa 3 da 5 da 7 ya ba ni 15, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da biyu ke rabawa. Ka tambaye shi ina aikinsa, ya ce, "Malam, a kai na yi." A kai! Kwamfutar da ke lissafi cikin ƙiftawar ido ba ta tsallake layi ko ɗaya, kai da ka fara shekaranjiya kana tsallake huɗu. Haba ƙanena, sauri ya haifi nawa.

To amma 6 ɗin nan ita ta hana ni barci, domin da na sa su buga shirin da hannunsu a kwamfuta, kurakurai uku daban-daban suka haifar da ita, kuma Python bai ce uffan a kan ko ɗaya ba.

Mai kuskuren farko ya tura `jimla = 0` cikin zagayen, ƙarƙashin `for`. Wannan kamar mai asusu ne da yake fasa shi ya zubar kowace safiya kafin ya jefa kuɗin ranar, sannan ƙarshen wata ya zo yana mamaki. Bi sawunsa a takarda, gidan `jimla` zai nuna 0, 8, 0, 12, 0, 6. Da ka ga sifili yana dawowa bayan an tara wani abu, ka san inda ɓarnar take.

Na biyunsu yatsansa ne ya juya alama, ya rubuta `jimla =+ n` maimakon `jimla += n`. Python yana karanta wannan a matsayin `jimla = +n`, wato ajiye `n` kawai a share abin da ke ciki. Sawunsa 0, 8, 8, 12, 12, 6. Ka lura har zagaye na uku yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da amsar gaskiya, sai a na huɗu asirinsa ya tonu, inda 12 ta zauna a gurbin 20. Wanda ya bi zagaye biyu ya gaji ya ce "na gane" ba zai taɓa kama shi ba.

Na ukun kuwa ya kwaso `for n in range(len(lambobi))` daga wani wuri don ya ga ya fi kama da aikin manya. Yanzu `n` ba ta ɗaukar 3 da 8 da 5, matsayinsu take ɗauka, daga 0 zuwa 5. Shirin ya tara 0 da 2 da 4, ya ba shi 6, bai taɓa ko lamba ɗaya ta cikin jerin ba. Mutum uku, amsa ɗaya, kowa ya leƙa ta ɗan'uwansa ya ga sun dace, sai suka taso mini gaba ɗaya: "Malam, anya ba 6 ba ce?"

A ta nawa muke? Ko ma ta nawa ce, ka kula da tazarar farkon layi. In `print` ya matsa ciki ya daidaita da `if`, layi shida za ka gani, daidai da jerin da na ce ka riƙe. In ya ƙara matsawa ya shiga ƙarƙashin `if`, uku za ka gani: 8, 20, 26. Wannan ma dabara ce mai kyau, ka tura shi ciki da gangan ka gwada abin da allo ya nuna da abin da biro ya rubuta, layi da layi.

Akwai maganar `n / 2 == 0`, wadda ke ba da 0 saboda rabawa daban saura daban. Akwai ta sifili da lambobin da ke ƙasa da shi. Biyu tana raba su 0 da -4 ba saura, shi ke nan, ba ni da ƙarfin jayayya.

Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne gwada shiri da `[1, 2, 3]`. Don Allah ku bar wannan jeri ya huta. Amsarsa 2 ce. Mai `=+` zai samu 2. Mai `range` ma zai tara 0 da 2 ya samu 2. Kowannensu ya rufe kwamfuta yana murmushi da gurgun shiri a hannu. Ka zaɓi jerin da ke da aƙalla lambobi biyu da biyu ke rabawa, manya waɗanda ba za a rikita su da matsayi ba, ka cakuɗa su da waɗanda ba ta rabawa, ka fitar da amsar da biro tukuna, sannan ka buɗe kwamfutar.