Yadda Ake Karɓo Ragin Ƙarshen Shekara Ba Tare da Hawan Jini Ba

Duk dilan da ya shekara yana sauke tirela a Kasuwar Singa ya san abin da watan Janairu yake zuwa da shi: hunturu, kalanda, da murmushin wakilin kamfani. Kalandar takan iso da wuri, har da bokiti da riga mai tambarin sabulu. Abin da ba ya isowa da ƙafarsa shi ne ragin da aka yi maka alkawari tun bara, wato ɗan kason da kamfani yake mayar wa dila idan jimillar sayayyarsa ta wata goma sha biyu ta haye wani mataki. Shi wannan sai ka bi shi har gida. Na bi nawa, na dawo da rabin hankalina, shi ya sa nake ganin na isa in ba da shawara.

Ka fara da neman takardar yarjejeniyar. Na san ba ka san inda take ba. Duba ƙasan akwatin kuɗi, ko ka tambayi yaron shago da me ya naɗe tsire ranar sallah. Idan kuwa duk abin da kake da shi shi ne wakilin kamfani ya dafa kafaɗarka ya ce, "Alhaji, kai dai sayi kaya, ba za ka yi kuka ba," to ka sani an riga an mayar da wannan wakilin wata jiha, wanda ya gaje shi kuma bai taɓa jin sunanka ba. Tawa takardar na same ta, ta ce wanda ya sayi kayan naira miliyan 100 yana da kashi 1 cikin ɗari, wanda ya kai miliyan 150 yana da kashi 2.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ne ake yi wa dila aski ba ruwa. Na buɗe littafina na tara duk abin da na tura wa kamfani daga Janairu zuwa Disamba, ya kama miliyan 172 cif. Na gyara hula, na fara tunanin mota. Ashe kamfani ba da mudun da nake awo yake awo ba. Cikin kuɗin nan akwai harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ake karɓa a Nijeriya tun Fabrairun 2020, kuma wannan na gwamnati ne, kamfani ba ya yi maka ragi a kan kuɗin da bai zauna a aljihunsa ba. Kada ka cire kashi 7.5 daga jimillar kai tsaye, za ka cuci kanka. Raba ta da 1.075. Miliyan 172 ta koma 160. Sai katan-katan ɗin sabulun da ruwan Agusta ya jiƙa a hanya, waɗanda na mayar aka ba ni takardar ragi, na miliyan 4. Saura 156. Motar ta ɗan ƙanƙance, amma dai na haye 150, kashi 2 na miliyan 156 kuwa naira 3,120,000 ne.

Ka yi wannan lissafin a shagonka, ƙofa a rufe. Ya fi sauƙi mutum ya ga dukiyarsa tana raguwa shi kaɗai da ya gani a gaban akanta mai gilashi.

Kafin ka taka ofishinsu, ka nemi su turo maka bayanin asusunka na shekarar, layi-layi, kowace takardar kaya da lambarta da ranarta. Nawa da ya zo, sai na ga sun rubuta miliyan 147, sun ba ni kashi 1, wato 1,470,000. Miliyan 9 ta yi layar zana. Na baje takardun a kan buhu, ni da ɗana muka bi su ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i, sai ga ɓarauniyar: tirelar ƙarshe. Na biya kuɗinta ranar 29 ga Disamba, amma ba a yi lodi ba sai 3 ga Janairu, saboda ma'aikatan sito suna ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara, takardar kayan kuma ranar lodi ta ɗauka. Kwana biyar suka cinye mini naira 1,650,000. Ko ɗan fashi yakan ɗan yi gumi kafin ya sami haka.

Yanzu sai wasiƙa. Shafi ɗaya ya isa. Kada ka fara da tarihin yadda mahaifinka ya yi ciniki da su tun ana kashe sule, akanta ba shi da layin da zai shigar da zumunci. Ka rubuta lambar asusunka, watannin da ake magana a kai, jimillarka bayan cire haraji da kayan da aka mayar, jimillar kamfani, da bambancin. Ka maƙala shaidar banki mai ranar 29 ga Disamba da takardar lodi mai ranar 3 ga Janairu, ka roƙi a sake duba matakinka tunda jinkirin daga sitonsu ne. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimi. Wasiƙar da ba hatimi tana da halin ɓacewa tsakanin bene da bene.

Ranar zuwa, ka kula da sutura. Idan ka sa babbar riga mai aska tara, za a ce Alhaji ba ya bukatar miliyan ɗaya da ɗoriya. Idan ka zo a yamutse, za a fara tunanin rage maka bashi. Shadda wankakkiya mai ɗan shekaru ita ce daidai. Ba laifi kuma biron wani kamfanin sabulu ya leƙo daga aljihunka. Kada ka ce komai a kansa, ka dai sa hannu da shi a hankali.

Manaja zai ce, "Alhaji, ai na'ura ce take lissafin, ba mu ba." Ka ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Na'urar ce ta rufe sito ranar 30 ga wata?" Sai ka yi shiru, ka sha shayinka. Amma ka shirya jin amsa mai ciwo, don idan takardar ta fito fili ta ce ranar takardar kaya ake bi, to alfarma kake nema, sai ka sassauta murya. Ka kuma tuna idan aka mayar da tirelar cikin lissafin bara, ta fita daga lissafin bana.

Ni an amince mini bayan zuwa uku. Ina shirin miƙewa sai akanta ya yi gyaran murya ya tambaya ko na karanta bayan takardar. A wasu kamfanonin, in ji shi, kashi 2 yana hawa kan abin da ya ɗara 150 ne kawai, sauran yana nan a kashi 1. Da haka ne, da 1,500,000 da 120,000 zan tashi da su, wato 1,620,000, duk zaryar nan a kan dubu 150. Na juya takardar hannuna na rawa. Allah Ya taimake ni, tawa ta ce a kan duka jimilla.

Kuɗin ma ba a hannu aka ba ni ba. Takardar ragi aka rubuta, aka fara zare bashin da ake bina, sauran aka ce in ɗebi kaya. Manaja ya nuna mini wani sabon sabulu mai ƙanshin lemo da ya shekara a sito ba wanda ya taya. Na ce a ba ni wanda nake sayarwa kullum. Ya ce wannan ya ƙare, sai wata mai zuwa, amma akwai sauran kalanda idan ina so.