Yadda za ka kuɓuta daga wahalar zama likita

Ƙanena, tunda ka gama sakandare ba ka taɓa ganin an kunna wuta a ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma dangi sun riga sun fara ce maka Dakta, ga hanyar da za ka bi JAMB ta raba ka da wannan ɗawainiya cikin mutunci.

Ka zauna a kan Bayoloji. Ai kana sonta, kuma hadda ce. Ka manta cewa masu neman likitanci a ABU ko BUK darussa huɗu suke rubutawa, kuma Kemistiri da Fiziks su biyu ke riƙe da maki 200 cikin 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace, to ka ware minti uku kana yi wa kowane lissafi kallon baƙon da ba ka san da zuwansa ba.

Sai babban sirrin: kada ka kuskura ka koyi mol. Za a ce an narkar da giram 5.3 na Na2CO3, ruwan ya cika 250 cm3, a nemo ƙarfinsa. Marasa son hutu sukan haɗa nauyin mol ɗaya su sami 106, su raba 5.3 da shi ya ba su 0.05. Daga nan su mayar da 250 cm3 zuwa 0.25 dm3, su sake rabawa, amsa ta fito 0.2 mol/dm3. Kai kuwa ka raba 0.05 ɗin da 250 kai tsaye. Za ka sami 0.0002, ruwan da bai fi na randa ƙarfi ba, kuma kada ka tsaya tunanin yadda hodar da ta kai cokali guda a kofi ɗaya za ta yi wannan tsarwatsarwa. Wanda ya iya wannan rabawar ya kama bakin zaren lissafin gas, da na asid, da na wutar da ake zura wa narkakken gishiri, shi ya sa nake hana ka.

Fiziks ma haka. Mota na gudun 72 km/h, ta taka birki ta tsaya cikin daƙiƙa 4, a nemo saurin raguwar gudunta. Masu neman wahala sai su raba 72 da 3.6 su sami 20 m/s, su sake rabawa da 4, amsarsu 5 m/s2. Kai ka raba 72 da 4 ka zaɓi 18. Masu tsara tambaya sun san halinka, sau da yawa sukan ajiye maka irin amsarka a cikin zaɓi, don kada ka fita da ɓacin rai.

Tsofaffin tambayoyi kuwa, haddace harafin amsa: ta bakwai C ce. Kada ka rufe amsar ka gwada da biro, kada ka sa agogo, kuma kada ka buɗe littafin SS1, don a can ramin yake. Idan an canza 5.3 zuwa 10.6, C ɗinka tana nan inda ka bar ta, ka danna abinka.