Saura Mutum Ɗaya: Yadda Ake Lissafin Tafiya Daga Bagega Zuwa Kano

Idan za ka Kano daga Bagega, sauka biyu ke gabanka: Anka, sannan Gusau. Ka ajiye agogonka a aljihu, domin motar haya ba ta san ƙarfe nawa ba, kujera nawa ta sani.

Lissafin daga baya ake fara shi. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ta Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yankara, ba a binta da duhu, kowa kuma ya san dalili. Gusau zuwa Kano ka ba ta awa 5, har da shingaye da faci. In kana son yin magariba a Kano, dole motarka ta bar Gusau kafin ƙarfe 2. Wannan shi ne turken, sauran duk akuyoyi ne.

Yanzu koma baya. A Gusau ka ware awa 2, don sauya tasha, sallar azahar da jiran lodi. Anka zuwa Gusau, ta Mayanci da Maru da Bunguɗu, ba ta awa 2 da rabi. Ke nan ka bar Anka tara da rabi. Ankan ma tana son awarta guda, saboda haka takwas da rabi ka riga ka sauka kana karkaɗe ƙura. Daga Bagega kuwa gari na wayewa ka kama hanya, bayan ka ji labarinta daga bakin waɗanda suka biyo ta jiya. In damina ce aka kwana ana ruwa, ƙara awa guda, ko ka tambayi rafi ra'ayinsa.

Sai babban darasi. Ɗan kamasho zai tare ka da fara'a: "Alhaji, shigo, saura mutum ɗaya!" Kada alhajin nan ya ruɗe ka. Leƙa but tukuna. In ka ga mutum biyar a zaune amma babu buhu, babu jaka, to wasunsu 'yan tasha ne masu ɗumama kujera, kana biya za su zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Ni an taɓa yi mini haka. Mutum ɗayan nan na jira shi har na ci tuwo, na yi aski, bai zo ba. Mota mai shirin tashi, an ɗaure kayanta, direba na karɓar canji. Idan da gaske kujera ɗaya ta rage kuma rana na gudu, biya kuɗinta ku tafi, ta fi kuɗin masauki araha.

Kada kuma ka ce wa surukinka na Kano "ƙarfe kaza zan iso." Ce masa "ina hanya."

Idan biyu ta gota kana Gusau motar Kano ba ta motsa ba, malam, sauke jakarka ka nemi ɗan'uwa a gari, ka kama motar farko da safe.