Yadda Na Shiga Falon Surukai Ta Kan Katanga

Gwaggona ta Omdurman ce ta haɗa mu. Ta ba ni lambar yarinyar, ta ba ta tawa, ta ce mu fahimci juna kafin manya su shigo maganar. Iyayenta mutanen wajen Singa ne, amma ita a Toronto ta girma, can take aiki a wani kantin magani. Ni kuma ina ƙauyenmu kusa da Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu, da safe makaranta, da yamma gonar ayaba. A lokacin tsakaninmu awa bakwai, mu ne a gaba.

Awa bakwai ɗin nan na iya ta, kada wani ya ce ban iya ba. Na san in na idar da Asuba na tura mata "ina kwana" da ƙarfe shida, zai same ta da sha ɗaya na daren jiya tana neman makwanci, don haka gaisuwar safenta sai ɗaya da rabi na rana nake tura ta, ina zufa ina tambayar yaya sanyi. Na kuma koyi riƙe hannu. Sabis ɗin ƙauyenmu sai ya ga dama: ka rubuta saƙo, ɗan agogon nan ya tsaya a gefensa, ka zaci bai tafi ba, ka ƙara wani, ka ƙara wani, can da dare sabis ya dawo su zubo mata gaba ɗaya, ta farka ta tarar da "kina nan?" jere reras. Ita ta kafa mana doka. Saƙon murya ɗaya kafin in kwanta, kada ya wuce minti biyu, da tambaya guda a ƙarshensa don ta samu abin amsawa. Alama ɗaya a gefen saƙo na nufin ya bar wayata bai isa tata ba, biyu ya isa, in sun yi shuɗi ta buɗe. Shuɗi ba tare da amsa ba kuwa, ta ce in ɗauka tana gaban mai sayen magani ne, ba fushi ba.

Kiran bidiyo sau ɗaya a mako. Hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi, Asabar ɗin da muka yi tarayya a kanta kuma tana zuwa aiki. Sai muka tsayar da Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana a wajenta, lokacin ta gama da mutanen gida ta shige ɗaki. A wajenmu takwas na dare ke nan, jim kaɗan bayan Isha.

Sai ga ranar Laraba, 1 ga Nuwamban nan na 2017, Sudan ta mayar da agogo baya da awa ɗaya. An soke tsarin Bukur da aka kawo a Janairun 2000, lokacin da aka tura agogonmu gaba muka yi daidai da Makka. Duk garin aka ruɗe, ban da Kawu. Kawu bai taɓa yarda da Bukur ba. Tun 2000 agogon hannunsa ke kan tsohon lokaci, shekara goma sha bakwai yana makara a ɗaurin aure yana cewa mutane ne ke da gaggawa. Ranar Larabar nan ya sa farar jallabiya ya zauna a ƙarƙashin rakuba yana nuna wa masu wucewa tsintsiyar hannunsa, wai gwamnati ta dawo kan hanya.

Wayata tsohuwa ce, labarin bai iso mata ba. Na mayar da ita baya da hannu, sai agogon Toronto da na ajiye a ciki shi ma ya ja baya tare da ita, tunda a ganinta har yanzu muna kan lokacin Makka, duniya ce kawai ta ragu da awa ɗaya. Ashe abin yi shi ne in bar ƙarfen in sauya gari, in zaɓi Alƙahira wadda muka dawo daidai da ita. Wannan ɗalibina ne ya gaya mini daga baya, yana danne dariya. Ni dai na share agogon Toronton na ɗauko alli, abin da na fi amincewa da shi. Bakwai a cire ɗaya, saura shida. Ɗaya na ranarta ya zama bakwai na darenmu. Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, duk saƙonnina suka sauka a kan kari. Lissafin nan ko yau aka kai shi gaban mai duba makarantu zai sa masa hannu.

Abin da alli bai sani ba shi ne su ma mutanen Toronto suna taɓa agogonsu, sau biyu ma a shekara. Lahadi ta biyu a Maris su tura gaba, Lahadin farko a Nuwamba su dawo da shi da ƙarfe biyu na dare. Lahadin farkon Nuwamban 2017 ta faɗo ranar 5 ga wata. Suna barci tazarar ta koma bakwai. Namu canjin suna kawai ya sauya wa lokacin kiran, yana nan bayan Isha inda yake. Nasu kuwa ya ɗauke cin abincinta da shiga ɗakinta ya matsar da su gaba da awa guda cur. Da ma ban yi lissafin komai ba, da na jira takwas kamar kullum, da na dace.

Na ɗan yi shakka da yammar, na tambayi Kawu. Ya ce, "Kai ɗan nan, kakanninmu daga Burmi suka tako tun 1903, suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin ruwan nan, wa ka ji an ce yana da agogo? Ka kira ta bayan Isha. Isha ai Isha ce ko'ina." Na ce Kawu, a can lokacin rana tsaka ce. Ya ce to wannan matsalarsu ce.

Bakwai daidai na hau katangar bayan gida, inda sabis ke ɗan leƙowa daga wajen Sinnar. Babu wuta. Na saƙale tocila a wuyan arragina tana haska ni daga ƙasan haɓa, hannu ɗaya ya ɗaga waya sama, ɗayan ya kama reshen darbejiya. Kawu na ƙasa a kan angarib da jabanarsa. Na danna kira. Aka ɗauka nan take, abin da ba ta taɓa yi ba. A allona na ga farin silin da gefen fitila. Na ce ta ajiye wayar tana gyara mayafi ne, sai na gyara murya na saki abin da na kwana ina shiryawa:

"Sarauniyar mata, ga bawanki ya hau katanga dominki."

Shiru.

Ƙarfe sha biyu ne a Toronto. Mahaifinta ya tara abokansa suna jiran Azahar da abinci. Ƙaninta ya jona wayarta da babban talabijin na falo yana nuna musu bikin wani ɗan'uwa da aka yi a Wad Madani. Ita tana madafi. Kira ya shigo, yaro ya ga kore, ya danna. Amarya ta ɓace, na bayyana. Kuma a daidai gaɓar "ka" ta katanga sabis ya riƙe hoton. Baki a wangale, ido ɗaya a rufe, hasken tocila ya shige hancina ya fito da abin da ni kaina ban san yana ciki ba, kamar kan rago a gefen wutar mai agashe. Hoton ya tsaya cak. Muryar ce ba ta tsaya ba.

Wannan wurin nake ta komawa. In na rufe ido sai in ga dattawa jere a kan kujeru, kowa da kofin shayi ya tsaya masa tsakanin faranti da baki, suna duban katon hancina, suna kuma sauraron abin da ya biyo baya. Domin ni a nan na ɗauka layi ya yanke. Na sauke hannu na ce, "Kawu, ya katse."

Kawu ya ce, "Juya wayar gabas. Sabis daga alƙibla yake zuwa."

Na juya.

"Hura mata iska a ƙasa, ƙura ce."

Na hura. A Toronto, in ji ta, sai da labule ya kusa motsi.

"Girgiza ta. A'a, ba haka ba, kamar mai tankaɗe." Ya kurɓi jabana, ya gyara zama. Muryar Kawu ko a kasuwar Sinnar ba ta buƙatar lasifika. "Wai ni uban yarinyar nan, ba shi ne dogon nan da ya bar Singa da bashin buhun dawata ba? Mai kunnuwan nan? In shi ne, kada ka yarda ya tsawwala maka sadaki. Ka ce masa gonar ayabar duk taka ce, ai daga can ba ya gani."

Na ce, "Kawu, ai kashi ɗaya cikin huɗu ne nawa."

"Shi ya sa na ce ka ce."

Sai wata murya ta fito daga tafin hannuna, mai sanyi, ba gaggawa, Hausar Singa tsantsa wadda ƙanƙarar Kanada ba ta taɓa ba.

"Salamu alaikum. Wane ne a kan katangar?"

Mutumin da ban taɓa gaisarwa ba. Mutumin da aka shirya Gwaggo za ta fara aika masa da magana, sannan manya su je da goro, sannan ni in zo daga baya kaina a ƙasa. Jikina ya san abin da ya kamata, ya nemi durƙusawa, ya manta inda yake. Na saki reshen. Na dai samu na rungume katangar da ƙafafu, tocila ta faɗa cikin akurkin kaji, kajin suka ɗauka. Daga nan, a kife, na ce, "Baba, ina kwana. Ina wuni. Barka da dare." Na ba shi duka ukun ya zaɓa.

Kawu daga ƙasa yana raɗa, irin raɗar da maƙwabta ke ji: "Tambaye shi ko sun yi Isha."

Mahaifinta ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Sauko a hankali." Na ji wani dattijo a bayansa ya sarƙe da shayi. Sannan ya ƙara, "Ka gaida kawun naka. Ka ce masa rabin buhu ne, kuma ƙwari sun ci ta."

Layin ya yanke, wannan karon da gaske.

Da takwas daidai, ɗaya na ranarta, saƙonta ya shigo. Hoto ne na talabijin ɗin da ni a ciki, wanda ƙanin ya ɗauka da wayar wani baƙo, a ƙasa ta rubuta: "Yanzu ne lokacin." Ban amsa ba, na bar mata shuɗi. Kafin in gama ciro tocila daga cikin kaji Gwaggo ta kira daga Omdurman, hoton ya riga ya isa wajenta, tana tambaya ko ciwon haƙori nake yi.

Kawu kuwa tun daren yake lissafi da yatsu. Ya ce buhu ne cikakke, yana da shaidu biyu, ɗaya ma yana raye, kuma in an zo maganar sadaki a cire.