Yadda Ake Son Kai a Shagon Ɗinki Ba Tare da An Gane Ba

Daga goman tsakiya ta azumi, duk shaddar da aka yanko a Kantin Kwari shagon tela take nufa. Maigidan da ke da teloli uku, ɗaya ƙanin matarsa, ɗaya tsohon almajirinsa, ɗaya kuma baƙo mai saurin hannu, yana bukatar dabara in yana son ya fifita nasa, a kuma ci gaba da kiransa adali.

Dabara mafi inganci ita ce ƙirga kaya da ɗaiɗai. A ce ɗinki 12 ne a ƙasa: jamfa da wando marasa aiki 6, kaftani mai aiki a wuya 3, babbar riga da 'yar ciki da wando 3. Sai maigida ya tara yaransa, ya yi bismilla, ya ba kowa huɗu. Wa zai ce an zalunce shi? Ƙanin uwargida ya tashi da jamfa huɗu. Almajiri ya samu jamfa biyu da kaftani biyu. Baƙo kuwa aka haɗa masa kaftani ɗaya da manyan riguna uku, aka bi shi da yabo: "Malam, ai kai ne gwaninmu."

Abin da zai tona wannan asiri shi ne awo da nauyin aiki, don haka a guje shi. Da wani mai shisshigi zai ce jamfa maki 1 ce, kaftani 2, babbar riga 4, da an ga na farko yana ɗauke da 4, na biyu 6, na uku 14. Jimla 24 ke nan, rabon kowa 8, wato babbar riga ɗaya, kaftani ɗaya, jamfa biyu. Abin takaicin ma, a hakan kowa huɗun ya samu.

Sai dai a lura da yadda ake biya. Inda albashi ne, gata shi ne aiki mai sauƙi. Inda kuma tela ke karɓar kasonsa a kan kowane ɗinki, lissafin juyawa yake: ɗan lele ne zai riƙa cin karo da babbar rigar Alhaji mai tukwici, baƙo ya ƙare a kayan yara da gyaran zariya. Maigida mai basira ya san wanne ne tsoka a shagonsa kafin ya fara rabo.

Akwai kuma almakashi. Yadin da aka yanka ya zama na wanda ya yanka, domin ba telan da ke son haɗa yankan wani. In wuya ya karkace, ba a san wa za a kama ba. Saboda haka a bar ɗan gida ya riƙa zuwa da sassafe yana zaɓen yadudduka masu daɗin ɗinki, ya yanka shida ya jibge a ƙarƙashin kekensa, ko da ba zai taɓa su ba sai jibi. Shagunan da ba su san daɗin rayuwa ba sun hana haka: ba mai riƙe yankakke fiye da biyu, kuma wanda ya gama ya ɗauki wanda ya fi daɗewa a layi, ko atamfa ce ko shadda.

Mai sauri kuwa ladansa ƙarin aiki. Duk ɗinkin gaggawa a tura masa, kada a rage masa na hannu. Zai yi buɗa-baki a kan keke, ya yi sahur a kan keke, har ranar da zai ɗinka aljihu a baibai. A ranar sai a tara jama'a a yi maganar sakaci.

Babban abokin gaba dai shi ne littafi. Ƙaramin littafin makaranta mai ɗauke da ranar da aka kawo kaya, irin ɗinkin, ranar alkawari da sunan telan da aka ba, ya isa ya rusa shirin shekara guda. A cikinsa ne ake ganin wanda kayansa suka tsallake layi, da wanda kullum rabonsa ke faɗawa kan masu hannu sake. In mai kaya ya ce lallai wane yake so ya ɗinka masa, littafin zai sa a cire wannan daga rabon wanen, maimakon ya zama ƙari a asirce. Gara a bar komai a ka, ko a rubuta awo da alli a jikin bango, inda damina za ta taimaka.

In baƙon ya gaji, ya sayi kekensa ya kama shago a tsallaken titi bayan Sallah, kada a damu. Masu manyan rigunan sun san hannun da ke yi musu ɗinki, kuma titin ba shi da faɗi.