Masu Shelar Sabon Aiki

Takardar ɗaukar aiki na shiga hannu, halin mutum ke fitowa fili a waya.

Gwanina a cikinsu shi ne Malam Ni-ba-kowa-ba. Da Alhamdulillahi uku yake buɗewa a LinkedIn, ya ce wallahi bai cancanta ba. Sai kuma ya zauna ya yi mana bayanin rashin cancantar dalla-dalla: digiri mai daraja ta ɗaya, lambar yabo a bautar ƙasa, dubbai suka nema shi kaɗai aka ɗauka, har mai yi masa intabiyu sai da ya miƙe tsaye. A ƙasa ga hoto, ya sha kwat, ya jingina da motar da mai ita ya shiga masallaci, katin shaidar ofis na reto a wuya, an juyo shi yadda kowa zai karanta. Ka rubuta masa "Allah ya sanya alheri", ya amsa da "Ai ba komai ba ne", sannan ya tunatar da kai cewa aikin har da tafiye-tafiye waje.

Mai gaggawa kuwa takardar kanta yake ɗauka hoto, da albashi da lambar fayil, tun bai kama aiki ba. A Facebook tsohon maigidansa ke jin an bar shi.

Sai mai dogon zango, wanda godiyarsa ke farawa daga ungozoma.

Mu masu tsoron baki, hoton kujera kawai muke sawa a WhatsApp, mu rubuta "Sabon babi". Muna cewa hassada muke gudu, amma dangi masu turo lambar asusu sun san gaskiya.

Wanda ke ɓata mini rai shi ne mai gode wa manya kaɗai. Ya ambaci Sanata, ya ambaci Babban Sakatare, kowa da cikakken muƙaminsa. Yayarsa da ta kwashi adashinta ta ba shi kuɗin mota zuwa Abuja, da malamin da ya rubuta masa takardar shaida cikin dare, an dunƙule su a "da sauransu". Wannan neman wata alfarmar ne. Kuma ya sanar da duk waɗanda suka zauna jarrabawa tare da shi cewa uwa yake da ita a gindin murhu.

Wata ma'aikaciyar jinya a unguwarmu sai da ta kama aiki tukuna, ta kira waɗanda suka taimaka mata ɗaya bayan ɗaya, ta nemi izinin ambaton su. Sannan ta rubuta layi huɗu: inda ta koma, ban kwana da tsohon wurin aikinta, da mutum biyu tare da abin da kowannensu ya yi mata, ɗaya ya turo mata tallar gurbin, ɗaya ya gyara mata takardu. Idan naka ya samu, kira yayarka kafin ka kira mai hoto.